Wasiƙar neman haɗa manhajar oda

Damagaram, 14 ga Maris

Malam, barka da aiki.

Ina da shagon kayan masarufi kusa da Kasuwar Dole. Yawancin masu sayayya ta WhatsApp suke aiko oda, saƙonni su cakuɗe, wani ya jira shinkafarsa har magariba. Abin yana damuna ƙwarai.

Ina son ka haɗa mini manhajar Android, Hausa da Faransanci. Mutum ya ga kaya da farashi, ya zaɓa, ya faɗi unguwarsa, Birni ko Zango, ɗan kabu-kabu ya kai masa. A sa saƙon murya, don ba kowa ke karatu ba. Kada ta ci data da yawa. Kuɗi kuwa sai kaya sun isa hannu.

Na ware sefa 600,000: rabi kafin aiki, rabi bayan gwaji. Wata 2 zai isa?

Ina jiran amsarka. Na gode.

Mai shago