Rahoto ga Alhaji: Abin da ya sa tallanmu na sola ya daina fitowa a Google

Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe. Da fatan an wuni lafiya, ya kasuwa da zafi?

Ranar Litinin da na zo shago a Sabon Gari ka ce kiran waya ya ragu, ka kuma nemi tallanmu a wayarka har sau biyar ba ka gani ba, don haka a ƙara kuɗin talla daga naira 15,000 zuwa 30,000 a rana. Na roƙi kwana biyu in duba asusun tukuna. Na duba, kuma shawarata ita ce kada a ƙara ko kwabo a kasafin yanzu. A watan Afrilu ma abin da tallan ke ci a rana bai wuce naira 10,000 ba. Wanda bai cinye tuwon da ke gabansa ba, ba a yi masa ƙari.

Na kwatanta Fabrairu, lokacin da komai ke tafiya daidai, da Afrilu. Ga abin da allon Google Ads ya nuna:

```
                          Fab    Afr
Impressions              9,600  6,200
Search impr. share         64%    31%
Search lost IS (budget)     5%     2%
Search lost IS (rank)      31%    67%
```

Layi na farko yawan fitowar tallanmu ne. Na biyu yana faɗin kaso nawa muka samu daga cikin duk lokutan da tallanmu ya cancanci fitowa. Na uku da na huɗu suna faɗin inda sauran ya tafi: ko kuɗin ranar ne ya ƙare, ko kuwa an doke mu a matsayi. In an haɗa ukun sai su ba da 100. To ka ga wanda kuɗi ya hana mu kaso 2 ne kacal, wanda matsayi ya hana mu kuwa ya tashi daga 31 zuwa 67. Ko an ninka kasafin, wannan kaso 2 ɗin kaɗai za a iya cetowa.

Akwai abin da ya fi ba ni takaici a lissafin. Idan 9,600 ne kaso 64, to damar da muka samu a Fabrairu kusan 15,000 ce. Idan 6,200 ne kaso 31, damar Afrilu kusan 20,000 ce. Wato da zafi ya shigo, ga rashin wuta, masu neman inbata da batir a Kano ƙaruwa suka yi. Kasuwa ta cika, mu ne aka tura bayan rumfa.

Shi matsayin, Google na yanke shi ne duk lokacin da wani ya yi bincike, kamar gwanjo. Yana duba tayin da kowa ya yi a kan dannawa ɗaya, da ingancin tallan da shafin da yake kai mutum, da wasu abubuwa kamar inda mai binciken yake da irin na'urarsa. Na buɗe `Change history`, babu wanda ya taɓa tayinmu tun Janairu. Saura biyu ke nan: ko ingancinmu ya faɗi, ko an samu wanda ya fi mu ƙarfi a gwanjon. Duka biyun sun faru.

Maganar inganci na gani ne a `Quality Score`, makin da ake ba kowace kalmar bincike daga 1 zuwa 10. Ba wannan lambar ce ke shiga gwanjo kai tsaye ba, kamar awon jini take a asibiti, tana nuna inda ciwon yake. Kalmominmu biyu da suka fi kawo kira, `solar inverter kano` da `lithium battery price in kano`, sun sauka daga 7 zuwa 4. Makin yana da ƙafa uku. `Ad relevance`, wato dacewar rubutun tallan da abin da aka nema, yana nan a `Above average`. `Expected CTR`, wato yiwuwar a danna, yana `Average` kamar da. `Landing page exp.`, wato ingancin shafin da mai dannawa ke sauka, shi ne ya zame daga `Average` zuwa `Below average`, kuma da na bi tarihinsa mako-mako sai na ga a mako na uku na Maris ya fara.

Makon da aka sabunta shafinmu na intanet ke nan. A da, wanda ya nemi farashin batir ya danna tallanmu yakan sauka a shafin batura, ga farashi, ga lambar waya. Da aka yi sabon gini sai aka rushe wannan shafin, aka karkatar da kowa zuwa shafin farko mai bidiyon shago. Na gwada da wayata a Kofar Nassarawa, sai da na ƙirga daƙiƙa 11 kafin ya buɗe, kuma babu farashi ko ɗaya a kai. Mai lallaɓa data ba zai jira ba. Ba laifin yaron da ya yi aikin ba ne shi kaɗai, ni ma ya kamata in bincika tun makon da aka canza, ban yi ba.

Sai `Auction insights`, inda ake ganin waɗanda muke gwanjo da su. Akwai wani kamfani na Legas da a Fabrairu rabonsa `< 10%` ne, a Afrilu ya kai kaso 58. `Overlap rate` ɗinsa 71 ne, ma'ana cikin fitowa goma da muka yi, yana nan tare da mu a bakwai. `Position above rate` kuma 80, wato in mun haɗu shi ne a sama sau takwas cikin goma. Da a nan na tsaya da na ce baƙo ne ya zo da kuɗi ya ture mu. Amma na duba tsofaffin abokan gasarmu biyu na nan cikin gari. Rabonsu bai wani motsa ba, duk da haka yawan hawansu samanmu ya tashi daga wajen 35 zuwa sama da 50, su duka biyun, a mako guda. Da wuya a ce duk sun ƙara tayi rana ɗaya. Mu ne muka sauko. Rahoton ba ya nuna nawa kowa ke tayawa ko kasafinsa, don haka in wani ya ce maka ya san abin da mutanen Legas ke kashewa, hasashe yake yi.

Abin da nake so a yi a wannan makon: a dawo da shafin batura da na inbata, kowanne da farashinsa da maɓallin kira a sama, a cire bidiyon ko a mayar da shi ƙasa, ni kuma in sake ɗaura kowane talla a shafinsa. Makin ba zai dawo washegari ba, sai mutane sun yi ta shiga, don haka mu ba shi mako biyu zuwa uku. In `Landing page exp.` ya koma `Average` amma asarar matsayi tana sama da kaso 45, sai mu ɗaga tayi a kalmomi biyun nan kaɗai, da kamar kaso 15 zuwa 20. A lokacin ne kasafin zai fara ƙarewa da wuri, `Search lost IS (budget)` ya tashi, maganar 30,000 ta zama tana da hujja. Ba na ba da shawarar mu yi tseren kuɗi da na Legas a kowace kalma. Mu muna da abin da za mu rubuta a talla: a zo shago a gani da ido, a ɗaura yau a cikin Kano.

Roƙo ɗaya, ranka ya daɗe: a daina neman tallan a waya, kai da yaran shago. Duk fitowar da ba a danna ba ana ƙirga mana ita. Akwai `Ad preview and diagnosis` a cikin asusun, yana nuna ko tallan na fitowa ba tare da an ƙirga ba, zan nuna wa yaran yadda ake buɗe shi.

Ina jiran izininka in kira mai kula da shafin gobe da safe, sannan a turo mini sabon farashin batura kafin Juma'a.

Na gode, Allah ya ƙara buɗi.

Maryam