Darasin Lissafi na Aji Uku: Zana Miƙaƙƙen Layi daga Jadawali, da Karanta Giradiyan da Intasef

Ɗalibai, kowa ya fito da takardar giraf, da rula, da fensir mai tsini. Ban yarda da biro ba, don wanda ya yi kuskure da shi sai dai ya sake takarda.

An ba mu y = 2x + 1, aka ce x ya tashi daga -2 zuwa 3. Za mu ɗauki kowace lamba mu sa a gurbin x, mu ga abin da y zai zama. Idan x = 3, ninki biyu 6 ke nan, a ƙara 1, ya zama 7. Idan x = -2, ninki biyu -4, a ƙara 1, ya zama -3. A nan yawancinku ke faɗuwa, ku rubuta -5. Wanda ake bi bashin naira 4 ya biya naira 1, saura nawa a kansa? 3, ba 5 ba.

| x | -2 | -1 | 0 | 1 | 2 | 3 |
|---|---|---|---|---|---|---|
| y | -3 | -1 | 1 | 3 | 5 | 7 |

Yanzu ku ja layin x a kwance, layin y a tsaye, ku bar wuri a hagu da ƙasa saboda lambobin da ba su kai sifili ba. Babban gida ɗaya, wato santimita 2, ya tsaya a matsayin 1 a kan layukan biyu. Wajen sa ɗigo, x ake fara bi, sannan y: (2, 5) na nufin taku biyu dama, taku biyar sama. Da kun gama ɗigo shida, ku aza rula ku ja layi ɗaya ya ɗan zarce su. In ɗigo guda ya fita daga sahu, kada ku lanƙwasa layi don ku bi shi. Ku koma jadawali, kuskuren yana can.

Intasef shi ne inda layinku ya ratsa layin y, wato inda x yake sifili. A nan 1 ne.

Giradiyan kuwa ma'aunin hawa ko gangarar layin ne: in x ya ƙaru da 1, da nawa y ke canjawa? Ku zaɓi ɗigo biyu masu nisa da juna, don makusanta suna ƙara girman ɗan kuskuren ido. Mu ɗauki (-1, -1) da (3, 7), mu raba bambancin y da bambancin x, mu kira amsar m.

m = (7 - (-1)) ÷ (3 - (-1)) = 8 ÷ 4 = 2

Ku dubi y = 2x + 1 kuma. Ga 2 manne da x, ga 1 a gefe. Shi ya sa ake rubuta y = mx + c, inda m ke giradiyan, c ke intasef.

Wani lokaci jadawali kawai za a ba ku. A ce an buɗe famfon tankin makaranta, mai gadi yana duba ruwan da ya rage duk bayan awa ɗaya:

| awa (x) | 1 | 2 | 3 | 4 |
|---|---|---|---|---|
| lita (y) | 520 | 440 | 360 | 280 |

A nan dole ma'auni ya bambanta. A kwance babban gida awa 1 ne, a tsaye lita 100, kowane ƙaramin gida lita 10 ke nan. Layin zai riƙa sauka daga hagu zuwa dama, don haka tun kafin lissafi kun san giradiyan ɗin ƙasa da sifili yake.

m = (280 - 520) ÷ (4 - 1) = -240 ÷ 3 = -80

Tankin yana rage lita 80 a kowace awa. Bara da na ba da irin wannan tambaya, da yawa sun ƙirga gidaje, suka raba 2.4 da 3, suka kawo mini -0.8. Zanensu ya yi kyau ƙwarai, amma makin ya tafi. Lambobin da kuka rubuta a jikin layin x da layin y za ku karanta, ba gidajen takarda ba.

Babu x = 0 a jadawalin, sai ku miƙa layin baya da rula har ya taɓa layin y. Zai taɓa a 600, ruwan da ke cikin tanki lokacin da aka buɗe famfo. Saboda haka y = -80x + 600. Ku miƙa shi gaba kuma, zai sauka kan layin x a 7.5: bayan awa bakwai da rabi tanki ya ƙafe.

Aikin gida, a kawo ranar Litinin kafin shiga aji:

1. Ku yi jadawalin y = 3x - 2, x daga -1 zuwa 3, ku zana, ku karanta m da c daga zanen.
2. An ba ku ɗigo (2, 6), (4, 3) da (6, 0). Ku zana layin, ku nemo intasef da giradiyan, ku rubuta shi a siffar y = mx + c. Ku nuna mini ɗigo biyun da kuka yi amfani da su, amsa tsirara ba ta da maki.