Idan faifan C ya cika maƙil, Windows ta tsaya a wajen shiga: yadda ake samo wuri ba tare da fomatin ba

Lokacin rubuta furojet, da wuya mako ya wuce ba a kawo wa masu gyara a Samaru da Kongo da ke Zariya laftof mai wannan ciwon ba. Mutum ya sa kalmar sirrinsa daidai, sikirin ya nuna Welcome, ɗigon nan ya yi ta juyawa har a gaji. Wata kuma baƙin sikirin za ta nuna, kibiyar linzami kaɗai ke motsi. Yawanci ƙananan injuna ne masu ma'ajiyar gigabait 32, 64 ko 128, kuma in aka tambayi mai ita zai ce kwana biyu layin faifan C ja yake nunawa. Abu na farko da ake gaya masa shi ne a yi fomatin. Wannan gaggawa ce, domin Windows ɗin lafiyarta ƙalau, wurin rubutu ta rasa.

Duk lokacin da aka shiga, sai Windows ta buɗe fayil ɗin saitunan mai asusun, NTUSER.DAT, ta yi rubutu a fayilolin da ke rakiyarsa, ta ƙirƙiri fayilolin wucin gadi, wani lokaci ta faɗaɗa pagefile.sys idan ƙwaƙwalwar aiki ta yi kaɗan. Idan babu ko megabait ɗaya a faifan, waɗannan rubuce-rubucen sai su kasa, ayyukan da ke jiransu su tsaya. Wani lokaci takan shigar da kai asusun wucin gadi, ka ga tebur fayau kamar an share komai, alhali fayilolinka suna nan. Kada ka ajiye komai a wannan asusun, yana gogewa da zarar ka fita.

Kafin ka fara, sa caja, ka tabbata batirin zai riƙe idan aka ɗauke wuta, ka kuma nemo filashi ko faifan waje mai wuri.

Idan sikirin shiga yana amsawa, riƙe Shift, ka danna alamar kashewa da ke ƙasa ta dama, ka zaɓi Restart ba tare da ka saki Shift ba. Idan ya sandare, riƙe maɓallin wuta har injin ya mutu, ka kunna, da tambarin Windows ya fito ka sake kashewa. Bayan sau biyu ko uku za ta shiga gyaran kai da kanta, ta nuna Automatic Repair. Daga nan Advanced options, sai Troubleshoot, sai Advanced options kuma.

Fara da mai sauƙi: Startup Settings, Restart, sannan ka danna 4 don shiga Safe Mode. Safe Mode ba ya tayar da yawancin manhajoji, sau da yawa yakan shiga ko da faifan ya cika, ka share abin da za ka share da linzami. Idan shi ma ya tsaya, koma ka zaɓi Command Prompt. Wasu injunan za su nemi kalmar sirrin asusun mai iko. Idan kuma aka nemi mabuɗin BitLocker, wato tsarin da ke kulle bayanan faifai, lambobi 48 ne, kuma yawanci suna cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita injin. A waya za a duba su a account.microsoft.com/devices/recoverykey. Babu wata dabara da za ta buɗe faifan idan babu su. Masu sayen laftof na hannu su nemi wannan mabuɗin tun ranar ciniki.

Baƙar tagar za ta buɗe a X:. Wannan ba faifanka ba ne, ƙaramar Windows ce da ke zaune a ƙwaƙwalwar aiki, saboda haka share %TEMP% a nan ba ya ƙara maka ko ƙwayar wuri. Haruffan faifai ma sukan sauya, abin da ka sani da C yana iya zama D ko E. Duba tukuna:

```
diskpart
list volume
exit
dir D:\
```

Faifan da ka ga Windows, Users da Program Files a cikinsa shi ne naka. A nan za mu ɗauka D ne, kai kuma ka sa harafin da ka gani. Layin ƙarshe na dir yana nuna bytes free. Lamba mai alƙaluma goma ita ce ta kai kimanin gigabait ɗaya. Idan ka ga sifili ko 'yan miliyoyi, to ciwon ke nan. Idan kuwa akwai gigabait 20 a buɗe, matsalar wata ce daban, kada ka share komai.

Wasu laftof ɗin da ake kira na Landan maɓallan Birtaniya gare su, nan kuma sau da yawa tsarin Amurka yake aiki. Idan ka nemi alamar \ ka rasa, gwada maɓallin # da ke gefen Enter, alamar " kuma tana inda aka zana @.

Abin da aka share da umarni ba ya zuwa kwandon shara, kuma a kan SSD da wuya a dawo da shi. Karanta kowane layi kafin ka danna Enter, musamman harafin faifai da giɓin da ke tsakanin kalmomi. Ga waɗanda ba su da haɗari:

```
del /f /s /q D:\Windows\Temp\*
del /f /s /q D:\Windows\SoftwareDistribution\Download\*
del /f /q D:\Windows\MEMORY.DMP
dir D:\Users
del /f /s /q "D:\Users\Aminu\AppData\Local\Temp\*"
```

Sa sunan foldar da dir ya nuna maka a madadin Aminu. Folda ta biyu ita ce inda Windows ke tara sabuntawar da ta sauko da su, kuma ita ce ta fi cika ƙananan injuna ba da sanin mai su ba: an bar laftof a kan intanet na dare, ta jawo gigabait da yawa, ta rasa wurin da za ta warware su. Idan ta buƙace su za ta sake saukowa da su. MEMORY.DMP kuwa bayanin faɗuwa ne da ake ajiyewa bayan shuɗin sikirin. Idan aka ce ba a same shi ba, wuce.

Kwandon shara ma yana riƙe da wuri, amma a tambayi mai injin tukuna, domin akwai masu ajiye kaya a ciki:

```
rd /s /q D:\$Recycle.Bin
```

Sake buga dir D:\ ka duba. Gigabait 2 zuwa 3 sukan isa a shiga, amma mun fi so a kai 5 kafin a sake kunnawa, saboda sabuntawar da ta maƙale tana iya ci gaba ta cinye ɗan abin da aka samu.

Idan bai isa ba, akwai hiberfil.sys, fayil ɗin da Windows ke zuba abin da ke ƙwaƙwalwa idan za ta yi dogon barci. Yakan kai kusan kashi 40 cikin ɗari na RAM, wato gigabait 3 da ɗoriya a injin mai RAM 8.

```
attrib -s -h D:\hiberfil.sys
del D:\hiberfil.sys
```

Wannan wurin aro ne. Windows za ta sake ƙirƙirar fayil ɗin muddin ba a kashe barcin ba, saboda haka kada ka dogara da shi kaɗai. Shi kuma pagefile.sys ka bar shi, ko ka share zai dawo, kuma injin mai RAM 4 yana matuƙar buƙatarsa.

Gaskiyar magana, babban abin da ke cin wuri yawanci kayan mai injin ne: bidiyon biki, fina-finan da aka turo daga waya, fayilolin girka manhaja da aka manta a Downloads. Wannan umarnin ba ya kwafa ko share komai, jera maka kawai zai yi duk fayil ɗin da ya haura megabait 500:

```
robocopy D:\Users X:\babu /L /S /XJ /NDL /MIN:500000000 /R:0
```

Waɗannan kwashe su ake yi, ba sharewa ba. Sa filashi, ka sake duba harafinsa da diskpart, a ce F ne:

```
robocopy D:\Users\Aminu\Videos F:\Videos /E /R:0
```

Duba teburin da ke ƙarshe, ka tabbata FAILED sifili ne, ka leƙa filashin da dir, sannan ka share na asali. Akwai /MOVE mai yin duka a tashi ɗaya, amma ba ma son sa a nan, domin jabun filashi sun yi yawa a kasuwa: an rubuta 64 a jiki, ainihinsa 8, yana karɓar fayil kamar gaske yana lalata shi. Idan kayan masu muhimmanci ne, buɗe biyu ko uku a wata kwamfutar kafin ka share. Filashin da ke kan FAT32 kuma ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, sai exFAT ko NTFS.

Wanda umarni ke ba shi wahala, ya buga notepad, ya shiga File, Open, ya mayar da nau'in fayil zuwa All Files. Tagar da ta buɗe tana aiki kamar mai binciken fayil, da dannan dama ana kwafa da sharewa. Ba ta nuna ci gaban aiki, za ka ga kamar ta sandare alhali tana kwafa, sai haƙuri. Kada ka danna fayil sau biyu, zai yi ƙoƙarin buɗe bidiyo a matsayin rubutu.

Akwai foldoji da girmansu ke jan ido, amma taɓa su ɓarna ce. WinSxS ma'ajiyar sassan Windows ce, share ta da hannu yana kashe sabuntawa, yana iya hana injin tashi gaba ɗaya. Windows\Installer kuma da ita ake gyara ko cire manhajoji irin su Office. System32 ba sai an faɗa ba. Foldar OneDrive ma a kiyaye, abin da aka share a ciki yana iya gogewa a intanet idan injin ya haɗu. Windows.old tana da girma kuma ana iya cire ta, amma a bari sai an shiga a cire ta da Disk Cleanup, domin ita ce hanyar komawa tsohuwar Windows, kuma wani lokaci akwai fayilolin mutum a ciki.

Kashewar dole da aka yi ta yi tana iya barin kurakurai a faifai, saboda haka kafin fita:

```
chkdsk D: /f
exit
```

Zaɓi Continue. Shiga ta farko tana iya ɗaukar minti goma ko fiye, a ba ta lokaci. Idan da wuri amma har yanzu tana juyawa, wataƙila sabuntawa ce ta karye a tsakiya. Koma Advanced options, Uninstall Updates, ka cire ta baya-bayan nan. Idan chkdsk ya ambaci bad sectors, ko faifan yana ƙara ƙas-ƙas, daina gyara, kwashe furojet da takardu tukuna, faifan ne ke mutuwa.

Da an shiga, buɗe Command Prompt ta Run as administrator:

```
powercfg /h off
dism /online /cleanup-image /startcomponentcleanup
cleanmgr
```

Na farko yana kashe dogon barci tare da Fast Startup, na biyu shi ne halattacciyar hanyar rage WinSxS. A cikin cleanmgr danna Clean up system files, ka duba jerin da kyau kafin ka amince, domin a wasu sigogin Windows 10 Downloads yana ciki. Sannan kunna Storage Sense a Settings, System, Storage, kuma a riƙa barin aƙalla gigabait 10 a buɗe.

Injin mai gigabait 32 kam zai sake cika ko me aka yi. Windows 11 ma 64 ne mafi ƙarancin abin da take nema, kuma Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. A irin waɗannan ƙananan injunan ma'ajiyar eMMC ce, a like take da allon uwa, ba a canza ta. Sai dai a sa katin ajiya a mayar da Downloads da Videos can, ta Properties na foldar, shafin Location. Idan kuwa injin yana da gurbin SATA ko M.2, a saya masa SSD mai 256, a kwafe Windows ɗin zuwa kansa.