Takardar aiki: mayar da fastar baje kolin tumatir ta zama ta masu kiwon tarwaɗa

Sadiya, ga aikin ƙungiyar masu kiwon kifi. Sun ga fastar da muka yi wa manoman tumatir bara, sun ce irin ta suke so sak, amma da tarwaɗa. Zanen namu ne, don haka babu maganar neman izinin kowa. Girma A2 ne a tsaye, milimita 420 da 594, da rarar yanka milimita 3 a kowane gefe.

Na auna tsohuwar fastar. Fili na sama, milimita 130, babu komai a cikinsa sai take. Faifan rana yana tsakiya, faɗinsa milimita 300, cibiyarsa milimita 310 daga sama. Hannaye biyu sun taso daga ƙasa sun tallabi kwando, tumatir ya yi tozo a kai, gabaɗayansu sun ba da siffar dala a cikin faifan. A ƙasa akwai ɗamara kore mai tsayin milimita 95, inda ranar taro da wurinsa suke. Launi biyar ne, kuma ga kimanin rabon kowanne a takardar:

```
#F2E6C9  45%
#C8372D  20%
#E8A52B  15%
#2F6B3C  12%
#2B1D14   8%
```

Wato ruwan madara, ja, ruwan ɗorawa, kore, da ruwan ƙasa mai duhu, a jere. Inda aikin yake da wuya shi ne jan nan. A tsohuwar fasta tumatir ne ya ɗauke shi, kuma shi ido yake fara faɗawa a kai. Tarwaɗa kuwa ba ja ba ce. Idan aka cire tumatir kawai aka sa kifi, kashi 20 na launin fastar ya tafi, tsakiyar ta yi duhu, mai aiki ya ce ba ita ba ce. Saboda haka na mayar da kwandon ya zama babban daro ja, kifin kuma ya ɗauki ruwan ƙasa. Daron ya gaji gurbin tumatir ta fuskar launi, kifin ya gaji tozon ta fuskar siffa.

Ga umarnin. Za ki mayar da shi Turanci kafin ki shigar a injin zana hoto na Midjourney, domin injin ya fi jin sa, amma jimla bayan jimla, kada ki sauya jerin. Abin da ya zo a farko ya fi tasiri a kan hoton.

«Fasta a tsaye, zanen hannu irin na bugun sikirin, launuka shimfiɗaɗɗu masu kaifin baki, babu inuwa mai narkewa. A tsakiya, hannaye biyu sun taso daga ƙasan takardar sun tallabi babban daro ja mai faɗin baki, ana ganin sa daga gefe daidai da ido. A cikin daron tarwaɗa biyar sun yi tozo, ta tsakiya ta fi tsayi, kawunansu a sama: kai mai faɗi a baje, dogayen gashin baki, jiki sumul, launin ruwan ƙasa mai duhu da ciki ruwan madara. Hannaye, daro da kifi tare sun yi siffar dala. A bayansu faifai guda ɗaya ruwan ɗorawa, a tsakiyar takardar, ya ci kusan kashi 70 cikin 100 na faɗinta. Kashi ɗaya cikin biyar na sama fili ne ruwan madara, wayam. Kashi ɗaya cikin shida na ƙasa ɗamara ce kore, wayam. Launi biyar kacal: ruwan madara ya fi yawa, sai ja, sai ruwan ɗorawa, sai kore, sai ruwan ƙasa mai duhu. Layukan zane masu kauri ɗaya, ruwan ƙasa. Ɗan kaushin tawada a kan takarda, launuka sun ɗan goce daga layinsu kamar bugun hannu. Hagu da dama daidai wa daida.»

A Midjourney, ki ɗora hoton salon a gurbinsa, sannan ki liƙa wannan a ƙarshen umarnin:

```
--ar 5:7 --sw 100 --stylize 50 --no text, letters, blue, water, scales, tomato
```

Hoton salon kada ya zama fastar yadda take. Ki buɗe fayil ɗinmu na CorelDRAW, ki kashe rubutun gabaɗaya, ki cire kwandon tumatir, ki fitar da abin da ya rage: faifai, hannaye, ɗamara da kaushin takarda. In kika bar rubutu, injin zai cika saman da wasu haruffan da ba na kowane harshe ba. In kika bar tumatir, za ki tsinci jajayen ƙwallaye a tsakanin kifin, ko ki ga kifin da kansa ya yi ja ya kumbura.

Ki lura ban ambaci tumatir ko sau ɗaya a jikin umarnin ba, ban kuma rubuta «kamar tsohuwar fasta» ba. Injin bai san tsohuwar fasta ba, kuma duk sunan da ya gani a jikin umarni yakan zana shi, ko da an ce masa ban da shi. Abin da ba a so wurinsa bayan `--no`. Shuɗi da ruwa suna can ne saboda da zarar an ce kifi sai injin ya kawo teku, alhali babu shuɗi a launukanmu.

Kifin ne zai fi ba ki wahala. Sau da yawa za ki samu karfasa ko wani kifin Turai mai ɓawo, kuma mai kiwon tarwaɗa daga nesa zai gane. Ki duba abu uku a kowane zane: kai a baje, gashin baki (tarwaɗa tana da guda takwas, amma huɗu da suka fito sosai sun isa a fasta), da fiffiken baya mai tsawo wanda ya kusa kaiwa wutsiya. Ki ƙirga yatsun hannayen ma. Idan yatsun ne kaɗai suka lalace, kada ki ɓata lokaci, ki ɗauko hannayen tsohon fayil ki ɗora.

Idan faifan ya ƙi zama a tsakiya ko kifin ya haura filin take, ƙara `--sw` ba zai gyara ba, domin ƙarfin salo yake sarrafawa, ba mazaunin abubuwa ba. Ki sake fitar da zane ki zaɓa, ko ki yanko daron da kifin ki zaunar da su a kan shimfiɗarmu ta asali da ma'aunan da ke sama. Wannan na biyun ya fi sauri, shi na fi so.

Lambobin launi ba sa cikin umarnin da gangan, don injin ba ya bin su daidai. Bayan kin zaɓi zane, ki bi shi da PowerTRACE, ki rage launukan zuwa biyar, ki maye kowanne da lambarsa. Hakan ya kuma raba mu da matsalar girma, tunda A2 a 300 dpi yana buƙatar 4961 da 7016, abin da injin ba zai ba ki kai tsaye ba. Ma'aunin 5:7 zai bar rarar da ba ta kai milimita 3 ba a faɗi, ki yanke ta. Sai ki mayar CMYK ki buga gwaji a A4, ki ajiye shi kusa da tsohuwar fastar, musamman don jan, wanda yakan dushe a takarda.

Rubutu da hannu za ki sa, da harafin da muka yi amfani da shi bara, bayan kin tabbatar yana da ƙ da Ɗ. Take a sama: BAJE KOLIN MASU KIWON TARWAƊA. A ɗamarar ƙasa: Asabar, 14 ga Maris, ƙarfe 10 na safe, Filin Makarantar Firamare. Ki kawo min zane uku ranar Laraba kafin azahar, Alhaji zai zo da la'asar ya zaɓa.

Auwalu