Yadda bishiyar yanke shawara ke zaɓen tambayar farko, lissafin entirofi da Gini da hannu

To jama'a ku ɗauko kaye da bik, don wallahi abin nan in ba ka yi shi da hannunka sau ɗaya ba, ordinater zai yi ta ba ka amsa kai kuwa ba ka san daga ina ta fito ba. Na ɗauko misalin daga kayen bashin kawuna da ke da shago a kasuwar Dole nan Damagaram, wani kaye ne da gefensa duk ya sha mai. Mutum 10 suka ci bashin shinkafa, 6 sun biya 4 har yau shiru.

Bishiyar tambaya kawai take yi don ta raba mutane gida biyu, wadda take so ita ce wadda za ta ware masu biya gefe guda marasa biya gefe guda. Muna da tambaya biyu: mai albashi ne? ɗan unguwarmu ne?

Sai mu fara auna yadda mutum 10 ɗin suke a gauraye. Ma'auni biyu ake amfani da su, entirofi wato H da Gini wato G. Entirofi daga aikin Claude Shannon na 1948 ta fito, Gini kuma sunan Corrado Gini ɗan Italiya aka sa masa. A lissafin, p shi ne kason kowane gefe, masu biya 6 bisa 10 wato 0.6, marasa biya 0.4, Σ kuma haɗa na duk gefen ake nufi.

```
H = -Σ p·log2(p)
G = 1 - Σ p²
H = -(0.6·log2 0.6 + 0.4·log2 0.4) = 0.971
G = 1 - 0.36 - 0.16 = 0.48
```

In kalkuletarka ba ta da log2 ba komai, danna ln ka raba da 0.693. In duka iri ɗaya ne amsa 0 ce, in rabi da rabi ne entirofi 1 Gini 0.5, kun ga ke nan namu a cakuɗe yake sosai.

Tambayar albashi: masu albashi 4 ne kuma duka sun biya, nan babu gauraya, 0 ta kowane ma'auni. Marasa albashi 6, 2 sun biya 4 ba su biya ba.

```
H = -(1/3·log2 1/3 + 2/3·log2 2/3) = 0.918
G = 1 - 1/9 - 4/9 = 0.444
```

Nan fa inda yawancinmu ke faɗuwa, ni ma ya taɓa cinye min maki a jarabawa. Ba a haɗa 0 da 0.918 a raba biyu, kowane reshe da nauyinsa gwargwadon yawan mutanen da ke cikinsa, reshen mutum 6 ai ba zai yi daidai da na mutum 4 ba, kamar dai tiya shida ta gero ce da tiya huɗu, ba za ka sa musu kuɗi ɗaya ba.

```
H: 0.4·0 + 0.6·0.918 = 0.551 → 0.971 - 0.551 = 0.420
G: 0.4·0 + 0.6·0.444 = 0.267 → 0.48 - 0.267 = 0.213
```

Wannan 0.420 ita ce ribar bayani, wato yawan ruɗanin da tambayar ta rage mana.

Ta unguwa kuma, 'yan unguwa 5 ne, 4 sun biya 1 bai biya ba, entirofi 0.722 Gini 0.32. Baƙi 5, 2 sun biya 3 ba su biya ba, 0.971 da 0.48. Nauyi rabi da rabi ne, sai ya ba mu 0.846 da 0.40, riba ke nan 0.125 a entirofi, 0.08 a Gini. Albashi ta yi mata fintinkau ta kowane gefe, ita za ta zauna a tushe, wato ita ce tambayar farko. Kawu da na nuna masa cewa ya yi shi da ya ɗauka sanayya ce ke sa a biya shi.

Galibi haka ma'aunan biyu ke yi, tambaya ɗaya suke zaɓa, jefi-jefi ne suke saɓawa. Cikin hanyoyin gina bishiyar, ID3 ta Ross Quinlan da entirofi take aiki, CART ta 1984 da Gini. A scikit-learn ma, kayan aikin Python da ake gina bishiyar da shi, in ba ka ce komai ba `criterion="gini"` ne, sai ka rubuta `criterion="entropy"` in ita kake so. Ni da hannu Gini na fi so don ba ruwanka da log.

Amma a kula da wani tarko, in ka sa lambar wayar kowa cikin tambayoyi, ko wane mutum zai zama reshen kansa, gauraya ta koma 0 riba ta kai 0.971 cif, alhali hadda ce kawai bishiyar ta yi, sabon mutum na zuwa ba ta da abin faɗa. Shi ya sa C4.5, hanyar da ta gaji ID3, ke raba ribar da entirofin rabon kansa don ta ladabtar da tambaya mai rassa barkatai.

Reshen masu albashi ya zama ganye, wato babu sauran tambaya a kansa, an gama da shi. Saura mutum 6 ɗin can, su za a sake wa tambayar unguwa: baƙi 3 duka ba su biya ba, 'yan unguwa 3 kuma 2 sun biya 1 bai biya ba. Wannan ku lissafa da kanku daga 0.918, ku tuna nauyin yanzu 3 bisa 6 ne ba bisa 10 ba, in kun samu ribar 0.459 to kun yi daidai.