Tsarin Darasi: Koyar da Manya Karatun Debanagari Daga Tushe

Aji: manya 14, masu karatun boko cikin Hausa, yawancinsu sun yi makarantar allo. Akwai 'yan kasuwa masu zuwa Delhi da Mumbai sayen kaya, da wata ma'aikaciyar jinya, da mutum biyu da za su raka marar lafiya asibiti a Indiya.
Lokaci: Asabar da Lahadi, ƙarfe 10:00 zuwa 11:30 na safe, mako uku, wato zama shida.
Kayan aiki: allo da alli, littafi mai layi, fensir, guntayen takarda marasa nauyi, da katuttukan kwali, kowanne da harafi ɗaya.
Manufa: a ƙarshen zama na shida ɗalibi ya iya jero haruffa bisa tsarinsu, ya karanta kalmar Hindi mai gaɓa biyu ko uku ba tare da an rubuta masa ita da boko ba.

Malama Hadiza, tunda ke za ki riƙe ajin ranakun Lahadi, ga abin da nake so mu tafi a kansa baki ɗaya. Mutanen nan sun san babbaƙu, sun san farfaru. Da wannan za mu ja su: baƙi tukuna, sannan alamar wasali a jikinsa. Bambancin da za a nanata tun ranar farko shi ne, a Debanagari baƙin da ba a sa masa komai ba yana ɗauke da wasalin "a" gajere. Wato क shi kaɗai "ka" ake karanta shi.

Zama na 1: wasula masu zaman kansu

Minti 10 na farko bayani ne. Da wannan rubutu ake rubuta Hindi da Marati da Nepali da Sanskirit. Daga hagu zuwa dama yake tafiya. Babu babban harafi da ƙarami. Haruffa rataye suke a jikin layin sama, shi ya sa za a riƙa rubutu a ƙarƙashin layin littafi. Ana gama jikin haruffan kalma, sannan a ja layin saman a ƙarshe.

A rubuta wasulan nan 11 a jere:

अ आ इ ई उ ऊ ऋ ए ऐ ओ औ

Shida na farko biyu-biyu suke, gajere da dogo: a, aa, i, ii, u, uu. Kunnen Bahaushe ya riga ya san wannan, rubutun boko ne kawai ba ya nunawa. A sa su faɗi "gado" na kwanciya da "gado" na dukiyar mamaci, su ji inda aka ja. ए da ओ kullum dogaye ne, kamar "e" da "o" na ƙarshen "mace ce" da "zomo". ऐ da औ za mu rubuta su "ai" da "au", amma a Hindin Delhi ba a raba su biyu kamar yadda muke yi a "kai" da "sau", baki ake buɗewa a fitar da sauti ɗaya. ऋ a ce "ri" a wuce, ba ta da yawa.

A maimaita jerin da murya sau biyar, a rubuta kowanne layi ɗaya. Kada a sallami manya ranar farko ba su karanta ko kalma ɗaya ba, don gobe wasu ba za su dawo ba. Saboda haka a minti 25 na ƙarshe a ba su baƙaƙe biyar: क (ka), म (ma), न (na), ल (la), र (ra). Su karanta एक, ɗaya, आम, mangwaro, कम, kaɗan, नल, famfo. A nan za a faɗa musu cewa a Hindi "a" ɗin ƙarshen kalma ba a furta ta: "aam" ake cewa, "ek", "kam".

Aikin gida: wasula 11 daga ka, sau uku.

Zama na 2: tsarin baƙaƙe

Baƙaƙen 33 ne, kuma ba a jera su da ka ba. Na farko 25 layi biyar ne, kowane layi yana da wurin da ake furta shi a baki, an faro daga can ciki ana fitowa har leɓe.

क ख ग घ ङ, bayan harshe da ganɗa ta baya
च छ ज झ ञ, tsakiyar harshe da ganɗa
ट ठ ड ढ ण, kan harshe a lanƙwashe baya
त थ द ध न, kan harshe a jikin haƙora
प फ ब भ म, leɓɓa

A kowane layi kuma tsarin ɗaya ne: na farko sauti ne tsura, na biyu shi ne dai da fesar iska, na uku mai ziza, na huɗu mai ziza da iska, na biyar ɗan hanci. Wanda ya kama wannan ya huta da rabin hadda. A manna jadawalin gaba ɗaya a bango, amma yau layi na 1 da na 2 da na 5 kawai za a rubuta. च ita ce "c" ɗinmu ta "ciki", ज kuwa "j". ङ da ञ a san su da ido, sun isa.

Gwajin takarda: kowa ya riƙe guntun takarda gaban bakinsa. In ya ce क kada ta motsa, in ya ce ख ta kaɗa. Za a yi dariya, a bar su su yi. Wani zai ce ख ai ita ce "ƙ". Ba ita ba ce, domin ƙ ɗinmu maƙogwaro muke datsewa, ख kuwa sakin iska ake yi.

Inda za a sha fama shi ne प, tunda Hausa ba ta raba "p" da "f". A ba ta minti 10 ita kaɗai: a haɗa leɓɓa gam, a sake su ba iska. Sai a gwada पल, ɗan lokaci, da फल, 'ya'yan itace. Kalmomin karatu: घर, gida, आज, yau, कब, yaushe, जल, ruwa.

Zama na 3: sauran baƙaƙe

Layi na 3 da na 4 tare, don a ji bambancinsu kusa da kusa. त, harshe ya taɓa haƙora sosai. ट, a naɗe harshe sama. ड ba "ɗ" ba ce ko da kunne ya so ya ce haka. Akwai ड़ mai ɗigo a ƙasa, wadda take wahalar da baƙi da yawa, mu kuwa muna da kusan irinta a "r" ta "ruwa" da "rana". A faɗa musu, yana ƙara musu ƙwarin gwiwa.

Sai takwas na ƙarshe: य र ल व, sannan श ष स ह. व tsakanin "w" take da wadda Turawa ke furtawa da haƙori a kan leɓe, in sun ce "wa" a karɓa. श da ष duka "sha" ne a bakin yawancin masu Hindi na yau.

A raba katuttuka, a kifa su a tebur, rukuni-rukuni su jera 33 ɗin bisa tsari. A ware masu kama da juna a gefen allo: घ da ध, म da भ, ब da व, प da ष. A ध da भ layin sama yana yankewa, shi ne alamar. Karatu: दस, goma, आठ, takwas, इधर, nan, उधर, can.

Zama na 4: alamomin wasali, kashi na farko

Wannan ne zuciyar darussan, kada a yi gaggawa. Wasulan da aka koya ranar farko suna zuwa da cikakkiyar surarsu ne a farkon kalma ko bayan wani wasali. In wasali ya biyo baƙi, sai ya koma 'yar alama da ake kira matra. A rubuta क babba sau shida:

क ka, का kaa, कि ki, की kii, कु ku, कू kuu

Na "aa" sanda ce a dama. Na "ii" sanda ce a dama da lanƙwasa ta sama. Na "u" da "uu" a ƙasa suke, wutsiyarsu ce ta saɓa. Matsalar tana wajen "i" gajere: a hagun baƙi ake rubuta ta, amma bayansa ake furta ta. Duk ajin da na koyar sai an sami mai karanta कि "ik". Maganinsa yatsa: ɗalibi ya ɗora yatsa a kan baƙin ya faɗe shi, sannan ya koma hagu ya ɗauko wasalin. A yi haka da दिन, yini, da दिल, zuciya, da किताब, littafi, har yatsan ya daina buƙatar komawa.

Sai shifta ta biyu-biyu, malama na faɗa suna rubutawa: कम da काम, kaɗan da aiki, सात da साथ, bakwai da tare. Wanda ya rubuta ba daidai ba kada a gyara masa nan take. A karanta masa abin da ya rubuta kamar yadda yake, shi zai ji kuskuren da kansa. Dattawan ajin nan ba sa son a nuna su gaban yara, irinsu Alhaji Sabi'u, a je kusa da su a yi magana ƙasa-ƙasa.

र tana da nata hali: "u" da "uu" a cikinta suke maƙalewa, रु da रू. Misali रुपया, kuɗin Indiya. Sauran karatu: नाम, suna, पानी, ruwan sha, तीन, uku, चार, huɗu, दूध, madara, दुकान, shago, दवा, magani.

Aikin gida: kowa ya rubuta sunansa. Su Musa da Sani da Amina ba su da matsala: मूसा, सानी, अमीना. Mai "z" ko "f" a sunansa a nuna masa ज़ da फ़, masu ɗigo a ƙasa.

Zama na 5: ragowar alamomi

के ke, कै kai, को ko, कौ kau, कृ kri

Ƙaho ɗaya a sama "e" ne, biyu "ai". In akwai sanda a dama ƙarƙashin ƙahon, "o" ne ko "au". Abin lura: ऐ mai zaman kanta ƙaho ɗaya gare ta, amma alamarta biyu, to nan ake rikicewa. Karatu: मेरा, nawa na mallaka, पैसा, kuɗi, दो, biyu, सौ, ɗari, कौन, wane ne, रोटी, gurasarsu.

A ƙara कं, ɗigon sama mai shigar da sauti hanci, da कः, ɗigo biyu a dama masu ƙara ɗan sautin "h". Yanzu a rera jerin da yaran Indiya ke rerawa, wanda ake kira barakhadi: क का कि की कु कू के कै को कौ कं कः. Kowane ɗalibi ya zaɓi baƙi ɗaya ya ja shi, aji su amsa.

Zama na 6: bita da gwaji

Minti 20: jera katuttuka, wasula da baƙaƙe, ba duba bango.
Minti 20: a ba su kalmomi shida a cakuɗe su jera kamar a ƙamus. Amsar ita ce आम, एक, कम, काम, किताब, घर.
Minti 30: kowa ya zo shi kaɗai ya karanta kalmomi 10, sannan jimla ɗaya, मेरा नाम मूसा है। Sandar da ke ƙarshe ita ce ayarsu. Wanda ya ci 7 ya wuce. Wanda bai kai ba ya maimaita zama na 4 da na 5 da aji mai zuwa.

Minti 20 na ƙarshe a leƙa musu abin da ke gaba. Akwai 'yar alama a ƙasa, halant, mai kashe "a" ɗin baƙi kamar yadda ɗauri yake yi a allo: क् "k" ne kawai. Baƙaƙen da babu wasali tsakaninsu kuma haɗewa suke yi su canza sura. A rubuta दिल्ली da नमस्ते a allo, a bar su su gano haruffan da suka sani a ciki. Kashi na biyu zai fara daga haɗaɗɗun baƙaƙen nan, Asabar ta biyu bayan gwaji, kowa ya zo da littafinsa da katuttukansa.