Tsarin Darussan Python na Matakin Farko: Takardar Jagora ga Malaman Zangon Makonni Takwas

Wannan takarda ta malamai biyun da za su koyar da ajin Asabar da Lahadi ce, inda ɗalibai ashirin za su zauna bibbiyu a kan kwamfuta goma, awa biyu a kowane zama. Yawancinsu ba su taɓa rubuta shirin kwamfuta ba. Za a yi amfani da Python 3 kaɗai, domin an daina kula da Python 2 tun farkon shekarar 2020, kuma za a riƙa rubutu a cikin Thonny, saboda yana nuna wa ɗalibi ƙimar da kowane suna yake riƙe da ita yayin da shirin ke gudana. Ƙa'idar da aka gina jerin a kanta ita ce kada a gabatar da sabon abu sai ɗalibi ya ji buƙatarsa a aikin da ya gabata. Saboda haka shiri guda ne, na lissafin cinikin shagon hatsi, zai riƙa girma daga mako zuwa mako.

Mako na farko na `print()` ne da bariyabul, wato sunan da ake liƙa wa wata ƙima domin a sake kiranta. Malami ya nanata cewa alamar `=` umarni ce ta ajiye abin da ke dama a ƙarƙashin sunan da ke hagu, domin wanda ya ɗauke ta a matsayin daidaito irin na lissafin makaranta zai rikice idan ya ga `kudi = kudi + 500`. Aikin gwaji shi ne ɗalibi ya ajiye farashin mudun gero da yawan mudun da aka saya, ya fitar da jimilla, sannan ya sauya farashin kaɗai ya ga abin da ya canza. Kafin a danna maɓallin gudanarwa, kowa ya rubuta a takarda abin da yake tsammanin zai fito. Wannan al'ada za ta ci gaba har ƙarshen zango, kuma ita ce abin yi duk ranar da aka ɗauke wuta.

A mako na biyu za a shigo da `input()` tare da nau'o'in ƙima, wato `int` da `float` da `str`. An haɗa su ne da gangan, domin `input()` rubutu yake dawowa da shi ko da lamba aka buga, kuma ya fi kyau ɗalibi ya ga illar hakan da idonsa:

```python
mudu = input("Mudu nawa? ")
print(mudu * 3)
```

Idan ya buga 4, abin da zai fito shi ne 444, ba 12 ba. A bar ajin su yi muhawara a kan dalili na ɗan lokaci kafin a nuna musu `int()`. Daga nan su gyara shirin shago ya tambayi farashi da yawa, su kuma rubuta ƙaramin shiri da zai lissafa zakkar kuɗi, wato kashi ɗaya cikin arba'in na adadin da aka shigar. A wannan makon ne kuma za a koya musu karanta saƙon kuskure daga layinsa na ƙarshe, ta hanyar buga kalma a inda ake jiran lamba domin `ValueError` ya bayyana. Ɗalibin da ya saba da jan rubutun saƙon kuskure tun da wuri ba ya firgita da shi daga baya.

Mako na uku na sharaɗi ne: `if` da `elif` da `else`, da bambancin `=` da `==`, da kuma shigar da layi ciki da tazara huɗu, wanda a Python yake ƙayyade abin da ke ƙarƙashin sharaɗi. Shirin shago zai yi ragi ga wanda ya sayi mudu goma ko fiye. Aiki na biyu shi ne mayar da maki zuwa daraja, inda za a ba su shirin da aka jera sharuɗɗansa ba daidai ba, aka fara duba 50 kafin 70, domin su gano dalilin da ya sa mai maki 85 bai samu darajar da ta dace da shi ba. Waɗanda suka gama da wuri su gwada gano shekara mai kwana 366 da alamar `%`, su jarraba da 1900, wadda ba ta cikinsu, da 2000, wadda take ciki.

An ware wa maimaitawa makonni biyu, na huɗu da na biyar, domin a nan ne aka fi barin ɗalibai a baya. A fara da sa su karɓi cinikin mutum biyar ta hanyar kwafar layuka iri ɗaya sau biyar, sai sun gaji da hakan sannan a nuna musu `for` da `range()`, a kuma tabbatar sun lura cewa `range(1, 6)` a 5 yake tsayawa. Abin da ya fi muhimmanci a wannan mataki shi ne tara jimilla: a fara da sifili a wajen zagayen, a riƙa ƙarawa a cikinsa. Kowane ɗalibi ya zana tebur a takarda, ya bi ƙimar `jimilla` zagaye bayan zagaye, kuma ina roƙon malamai kada su tsallake wannan don gudun ɓata lokaci. `while` zai zo a mako na biyar, lokacin da shirin zai ci gaba da karɓar ciniki har sai an buga 0. A bar su su rubuta zagayen da ba ya ƙarewa sau ɗaya, su koyi tsayar da shi, su gano layin da ya ɓace.

Mako na shida na `list` ne. Buƙatarsa za ta fito idan aka tambaye su ciniki mafi girma na ranar, ko aka ce su sake nuna na uku, alhali shirin bai adana komai ba sai jimilla. Su koyi `append()` da `len()` da cewa ƙirga matsayi daga 0 yake farawa, su nemo mafi girma da zagaye na kansu kafin a ambaci `max()`.

Makonni biyun ƙarshe na fankishan ne. Akwai masu koyar da shi tun farko, amma a ganina ɗalibin da shirinsa bai wuce layi biyar ba ba shi da dalilin rarraba shi. Zuwa yanzu shirin shago ya yi tsawo, kuma lissafin ragi ya bayyana a wuri fiye da ɗaya, don haka aikin farko shi ne cire shi zuwa wuri guda:

```python
def lissafa(farashi, mudu):
    kudi = farashi * mudu
    if mudu >= 10:
        kudi = kudi - kudi * 5 / 100
    return kudi
```

A ba da zama guda cikakke ga bambancin `print()` da `return`. Su maye gurbin `return kudi` da `print(kudi)`, su ajiye sakamakon a bariyabul, su ga `None`, sannan su gwada kiran `kudi` daga wajen fankishan ɗin domin su ga `NameError`. Bayan haka su mayar da shirin zakka da na daraja zuwa fankishan, kowanne a jarraba shi da ƙima uku, ɗaya daga ciki a kan iyaka, kamar mudu goma daidai.

A zaman ƙarshe kowane ɗalibi zai rubuta, shi kaɗai, shirin da zai karɓi makin ɗalibai cikin `list`, ya fitar da matsakaici da darajar kowa, da fankishan aƙalla biyu. Rabin ajin za su yi a awar farko, sauran a ta biyu. Za a raba maki gida biyu daidai: rabi ga shirin da ya yi aiki, rabi ga bayanin da ɗalibi zai yi da bakinsa a kan layi uku da malami zai zaɓa daga cikin abin da ya rubuta.